Ma'aunin ƙarfin canji wajen mayar da hoton waya hoton talla

Ƙarfin canji lamba ce tsakanin 0 da 1 da ake sa wa manhajar ƙirƙirar hoto, irin su Stable Diffusion da ta fito a 2022, idan an ba ta hoto ta gyara. A manhajar AUTOMATIC1111, wadda ake sarrafa Stable Diffusion da ita, a shafin `img2img`, sunansa `Denoising strength`. A diffusers kuwa, kayan aikin masu rubuta manhaja, `strength` ake rubutawa.

Manhajar takan fara watsa wa hoton dishi-dishi, sannan ta bi shi mataki-mataki tana sharewa, tana cike abin da ya ɓata da abin da aka rubuta mata. Lambar ce ke faɗin yawan dishin. A 0 hoton na dawowa kusan yadda ya shiga, a 1 kuwa ba abin da zai rage daga na asali. A diffusers, idan an zaɓi matakai 30 da ƙarfi 0.3, matakai 9 kawai za a yi.

A ɗauki misalin mai aikin allura a cikin Birnin Zariya, ya gama babbar riga mai aska takwas, ya shimfiɗa ta a kan tabarma a zaure, ya ɗauki hoto da waya cikin ƙarancin haske. A 0.25 zuwa 0.35 hoton zai yi sumul, amma tabarmar na nan, duhun ma bai tafi ba. Ya kai 0.5, sai zaren ya fara narkewa, bakin askar ya lanƙwashe. A 0.75, wadda AUTOMATIC1111 ke buɗewa da ita, bango zai fito kamar na situdiyo, sai dai rigar ba tasa ba ce: ana iya ƙirga aska shida ko tara, tambari ya koma wani zanen da ba mai ɗinkin da ya san shi. Mai saye da ya ga wannan a WhatsApp zai biya kuɗin rigar da babu ita.

Saboda haka lamba ɗaya ba ta isa ba, raba aikin ake yi. A shafin `Inpaint`, inda wurin da aka shafa wa alama kaɗai ake canzawa, a shafa wa tabarma da bango alama kawai, a bar rigar, a ba su ƙarfi kamar 0.8 tare da bayanin wurin da ake so. In gefen rigar ya fito kamar an yanko shi da almakashi, a ƙara `Mask blur` kaɗan. Haske da launi kuma a gyara su a manhajar gyaran hoto ta yau da kullum, wadda ba ta taɓa zane.

Lokacin gwaji a tsayar da `Seed`, wato lambar da ke tsara yadda dishin zai watsu, a lamba ɗaya, don a san ƙarfin ne ya kawo bambancin. Rubutu ne ke fara lalacewa, ko a ƙaramin ƙarfi, domin manhajar na matse faɗi da tsawon hoton sau takwas kafin ta yi aiki. Sunan shago da lambar waya sai an gama komai ake ɗora su. Kafin a tura, a ajiye hoton asali gefe da sabon, a zuƙo gaban rigar, a ƙirga askar.