Tace tambayoyin jarrabawa: abin da takardar shugaban sashe take nufi

Duk zangon karatu, da zarar shugaban sashe ya fitar da 'yar takardar da ke neman malamai su kawo daftarin tambayoyinsu a tace, sai ƙananan maganganu su tashi a manyan makarantun Kano. Wani ya ce raini ne, wani ya ce hanya ce ta fitar da satar amsa. Ko ɗaya ba haka ba ne. Takardar ta shafi kowa, daga ƙaramin malami har farfesa.

Inda ake yawan ruɗewa shi ne ikon mai tacewa. Ba a ba shi damar goge tambayarka ya rubuta tasa ba. Aikinsa ya ɗora tambayoyin a kan manhajar kwas ɗin da kuma takardar rabon maki, ya rubuta abin da ya gani, gyara kuwa mai kwas ne zai yi. In an kasa daidaitawa, a kai wa shugaban sashe.

Ɗauki jarrabawa mai maki 70, tunda 30 sun tafi ga gwaji da jinga. An ce a amsa tambaya ta ɗaya dole, maki 25, sannan uku daga cikin sauran biyar, kowace maki 15. Lissafi ya cika. Amma sai tambaya ta huɗu ta zo da rassa uku masu maki 5, 5 da 8, wato 18. Ɗalibin da ya zaɓe ta an auna shi a kan 73, na kusa da shi a kan 70. Wanda ya rubuta ba ya ganin wannan, domin idonsa ya saba da takardar. Haka nan mai tacewa zai lura in tambayoyi huɗu sun fito daga darussan makonni uku na farko, ko an sako abin da ba a kai ga koyarwa ba. In sai ranar jarrabawa aka gano, gyara a kan allo ake yi, ɗalibai na kallo, lokaci na tafiya.

Tsoron fitar tambayoyi kam yana da tushe, kuma a nan ya kamata a tsananta. Dokar hana maguɗin jarrabawa ta 1999 ta tanadi ɗaurin shekara 4 ba zaɓin tara ga malami ko mai sa ido da aka samu da hannu a maguɗi. Shi ya sa ake kawo daftari a ambulan a rufe, a duba a zama ɗaya, a sa hannu, a lalata kwafin da aka yi wa gyara. Tura shi ta WhatsApp don sauri ganganci ne.

A ganina, abin ƙorafi na gaskiya wa'adi ne. Ba adalci ba ne a ba mutum kwana biyu ya tace takardu goma, domin sa hannu kawai zai yi ya mayar.