Samuwar sharri da hujjar rashin Allah

Da daɗewa ɗaliban falsafar addini suna ɗauka cewa da zarar sun nuna akwai sharri a duniya, sun gama kafa hujjar rashin Allah. Da sauran aiki.

“Allah mai iko ne duka”, “mai alheri ne duka”, “akwai sharri”: waɗannan jumloli uku ba sa karo da juna kai tsaye. Masanin falsafa J. L. Mackie, wanda ya kafa hujjar rashin Allah da samuwar sharri, da kansa ya yarda da haka a 1955, shi ya sa ya ƙara gadoji biyu: mai alheri yana kawar da sharri iyakar iyawarsa, kuma mai cikakken iko ba abin da ke gagararsa.

A kan gadojin nan muhawarar take. Masanin falsafa Alvin Plantinga, a 1974, ya kai hari kan ta biyu: idan Allah ya ba mutum 'yancin zaɓi na gaske, tilasta masa zaɓen alheri ya zama tufka da warwara. Bai ce lallai haka abin yake ba, yiwuwarsa kaɗai ta isa ta rushe zargin saɓani.

Saboda haka ya kamata mai rubutu kan wannan batu ya yanke tun sakin layi na farko: saɓani yake iƙirari, ko rinjayen zaton cewa babu Allah? Idan na biyun ne, hanyar masanin falsafa William Rowe ta 1979 ta fi ƙarfi, da misalinsa na ɗan barewa da ya ƙone a gobarar daji, ya yi kwanaki yana wahala. 'Yancin ɗan Adam bai taɓa wannan ba.