Karanta rubutun hannu da ya dushe da ware tabbas daga hasashe

Karanta rubutun hannu da ya dushe aiki ne na kwafe abin da ke kan takarda ta yadda mai duba kwafin zai san waɗanne haruffa ne ido ya gani sarai, waɗanne aka gani da shakka, waɗanne kuma mai kwafen ne ya cika da tunaninsa. Dalilin wannan rarrabewa shi ne, da zarar an buga kalma a na'ura, wadda aka gani da wadda aka ƙiyasta duk kamarsu ɗaya, kuma mai karantawa zai yarda da su daidai wa daida.

Alamomin da aka fi sani sun fito daga tsarin Leiden, wanda masana tsofaffin rubuce-rubuce suka amince da shi a taron da suka yi a birnin Leiden a 1931. Harafin da aka ga burbushinsa amma ba a tabbatar ba, akan sa masa ɗigo a ƙasa. Wanda ya goge gaba ɗaya, mai kwafe ya maido da shi daga ma'anar zance, akan rufe shi cikin baka mai kusurwa, wato [ ]. Inda aka kasa karantawa kuma aka kasa cikewa, sai a jera ɗigo gwargwadon yawan haruffan da suka ɓata. Masu bugawa a waya ko kwamfuta sukan wadatu da [?] bayan kalmar da suke shakka, sai dai wannan ba ya nuna wane harafi ne ke da matsala.

Kafin a fara, haske ne abin kula. Idan aka haska takarda daga gefe, hasken ya kwanta kusa da fuskarta, zanen da bakin biro ya bari yakan fito ko da tawadar ta kwaranye. Ba a bin haruffan da alƙalami don su ƙara fitowa, domin hakan binne shaida ne. Hoton da ya yi dishi-dishi kuwa, faɗaɗa shi ba ya dawo da abin da kyamara ba ta ɗauka ba. Sake ɗauka ya fi.

Misali: wata 'yar takarda da ruwa ya taɓa, ana iya karanta "Ka kawo takardar ran La… da ƙarfe 7". Sunan ranar ya dushe bayan haruffa biyu na farko. Ranaku biyu ne ke farawa da haka, Lahadi da Laraba, kuma kowacce haruffanta shida, saboda haka tsawon kalma ba zai raba gardama ba. Abin da zai raba ta shi ne dogayen haruffa. Bayan L, Lahadi tana da sanda biyu masu miƙewa sama, ta h da ta d, Laraba kuwa ɗaya ce tak, ta b. Idan sanda ɗaya ta bayyana wajen ƙarshen kalmar, gurbin harafi na uku kuma gajere ne, Laraba ta rinjaya. Duk da haka ba a rubuta ta kamar an gan ta duka. Za a rubuta La[ra]ḅ[a]: biyun farko tabbas ne, b an ga sandarta kawai, sauran cikawa ce.

Lambar ta fi wuya. Kalma tana da maƙwabta da ke taimaka mata, amma ƙarfe 1 da ƙarfe 7 duk suna shiga jimlar lafiya lau. Mafita ɗaya ce, a nemi wata 1 ko 7 da hannun nan ya rubuta a wani wuri, kamar a kwanan wata, a ga ko yana ratsa 7 da layi, ko yana yi wa 1 ƙugiya a kai. In babu abin kwatantawa, sai a bar ta da alamar shakka, a ambaci karatun biyu. Haka ake yi da sunayen mutane da adadin magani, inda zato kan jawo ɓarna; gara a koma wa marubucin in yana kusa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ido ya riƙa ganin abin da zuciya ta riga ta zata. Alamarsa ita ce mutum ya iya faɗin kalmar amma ya kasa nuna kowane harafinta da yatsa. Shi ya sa ake ba mutum na biyu takardar ba tare da an gaya masa karatun farko ba. Yardar mutum biyu da suka karanta tare ba ta da wannan ƙarfin.

A taskokin da ke ajiye rubutu a kwamfuta, tsarin TEI, wato ƙa'idar sa wa rubutu alama ta yadda na'ura za ta gane, yana da alamomi uku na wannan aiki: `unclear` ga abin da aka gani da shakka, `supplied` ga abin da aka cika, `gap` ga giɓin da aka bari. Ranar da ke misalin sama za ta zama haka:

```xml
La<supplied reason="lost">ra</supplied><unclear>b</unclear><supplied reason="lost">a</supplied>
```