Filar da ke bakin iyaka: ma'anar kombain futin da sitraf futin

A unguwanni irin su Unguwar Rogo da Dilimi a Jos, inda fili ya yi matsi, sau da yawa zanen gini yakan ajiye fila daf da iyakar maƙwabci. A ƙa'ida fila tana zama ne a tsakiyar gindinta na kankare, wato futin, domin nauyi ya bazu daidai a kan ƙasa. To ta bakin iyaka ba ta da wannan damar, tunda ba za ka zuba kankare a filin wani ba. Dole ta zauna a gefen gindin.

Ɗauki fila mai kaurin santimita 30 a kan gindi mai faɗin mita 1.5. Tsakiyarta na santimita 15 daga iyaka, tsakiyar gindin kuwa na santimita 75, ka ga nauyin ya kauce da santimita 60. Injiniyoyi sun san cewa in kaucewar ta wuce kashi ɗaya cikin shida na faɗin gindi, a nan santimita 25, ɗaya gefen ya daina danna ƙasa ke nan. Kamar mutum ne ya zauna a ƙarshen benci, ɗaya ƙarshen ya ɗaga. Maganin shi ne a haɗa filar iyakar da filar cikin gida da ke kusa, kuma hanyoyin biyu ne.

Kombain futin gindi ɗaya ne dogo da ke ɗauke da filolin biyu. Sharaɗinsa shi ne tsakiyar gindin ta faɗa daidai inda nauyin filolin ya haɗu. A ce ta bakin iyaka na ɗauke da tan 40, ta ciki tan 60, tazararsu mita 4, gwajin ƙasa kuma ya nuna kowace murabba'in mita za ta ɗauki tan 15. Ninka 60 da 4 ka raba da jimlar nauyin, wato 100, ka sami mita 2.4 daga tsakiyar filar iyaka, wato 2.55 daga iyakar kanta. Tsawon gindin ninkin wannan ne, mita 5.1, zai wuce tsakiyar filar ciki da santimita 95. In aka ƙara kamar tan 10 na nauyin kankaren kansa, ana bukatar murabba'in mita 7.3, sai a ba shi faɗin mita 1.5. Wannan santimita 95 ɗin ita ce leburori kan ga kamar ɓarnar siminti ce, alhali in aka rage ta lissafin ya rushe. Idan kuma ta bakin iyaka ta fi nauyi, sai a buɗa gindin ta wajenta, ya tsuke ta ciki.

In tazarar ta kai mita 6, ko ƙasar tana da ƙarfi, doguwar shimfiɗa ta zama asara. Nan sitraf futin ke shigowa: kowace fila da gindinta, sai a ɗaure su da bim mai kauri sosai. Bim ɗin ne ke hana gindin iyaka karkata, yana riƙe da shi da nauyin filar ciki. Da gindin mita 1.5 na ɗazu, tazarar da ke tsakanin tsakiyar gindunan biyu mita 5.4 ce. Ninka 40 da 6 ka raba da 5.4, gindin iyaka zai danna ƙasa da kusan tan 44.4, na ciki ya ragu zuwa 55.6. Don haka gindin iyaka ya fi abin da tan 40 kaɗai zai bukata, kuma gara a tsawaita shi ta jikin iyakar, don kaucewar ta tsaya kaɗan.

Inda aka fi yin kuskure wajen rodi ne. Mai ɗaurin rodi ya saba manyan roduna a ƙasa suke, kamar a bim ɗin dakin. A nan ƙasa ce ke turowa daga ƙarƙashi, filoli na dannawa daga sama, saboda haka tsakanin filolin saman kankaren ne ke son tsagewa. Manyan rodunan sama suke zama, a kombain da sitraf duka, kuma sai an lanƙwasa su sun kama sosai a wajen filar iyaka. Kafin a zuba kankare, mai gini ya leƙa ramin da zane a hannu ya duba wannan.

Sannan bim ɗin sitraf ba a so ya kwanta a kan ƙasa mai tauri. Akan sassauta ƙasar da ke ƙarƙashinsa ko a sa soso mai lotsawa, don nauyi ya bi ta gindunan kamar yadda aka lissafa. A Jos akwai ƙarin abin lura: fili ɗaya kan haɗa dutse da cikon tsohon ramin kuza, musamman wajen Bukur da Refil. In gindi ɗaya ya hau dutse ɗaya ya hau ciko, saukarsu za ta bambanta, don haka a gwada ƙasa a ramukan biyu. Alamar an yi sake ita ce tsagar da ke tafiya a karkace a bangon iyaka, ko ƙofar da ke kusa da filar ta fara cijewa bayan damina.