Tsarin Ɗan Littafin Nazari na Manya

Ɗan littafin nazari na manya ƙaramin littafi ne da ake shiryawa domin masu neman ilimi da girmansu, wanda kowane darasi a cikinsa yake ɗauke da taƙaitaccen bayani, zaɓaɓɓun ayoyi, ma'anar kalmomi masu wuya da tambayoyin tunani. Ginshiƙin tsarinsa shi ne darasi ɗaya ya zauna a shafuka biyu masu fuskantar juna, ta yadda mai karatu zai ga aya da tambayar da aka yi a kanta ba tare da ya juya takarda ba.

Galibi ana ninke takardar A4 gida biyu ta koma girman A5, wato milimita 148 a faɗi da 210 a tsawo, sannan a ɗinke ta tsakiya. Kowace takarda tana ba da shafi huɗu, saboda haka dole jimillar shafukan ta rabu da huɗu. Takarda huɗu suna ba da shafi 16: na 1 bango, na 2 da na 3 bayanin amfani da jerin darussa, daga na 4 zuwa na 15 darussa shida, na 16 kuma bangon baya. A rubutun boko shafin hagu ne yake da lamba mai rabuwa biyu, don haka kowane darasi ya fara a 4, 6, 8 har zuwa 14. Idan darasi ɗaya ya zarce zuwa shafi na uku, duk waɗanda suke bayansa za su goce.

A shafin hagu ake sa taƙaitawa, wadda jimla biyar ko shida sun ishe ta, sai aya biyu ko uku a ƙarƙashinta, kowace da lambar sura da ta aya, cikin akwati da zai bambanta nassi da sharhin marubuci. Shafin dama na ma'anar kalmomi ne da tambayoyi. Tara kalmomin a ƙarshen littafi kuskure ne, domin wanda yake bin layi da yatsa, da zarar ya juya neman ma'ana, ya rasa inda ya tsaya.

Tambaya uku sun wadatar: ta farko a kan abin da ayar ta faɗa, ta biyu a kan ma'anarta, ta uku a kan rayuwar mai karatu. Tambayar da ake amsawa da "e" ko "a'a" ba ta buɗe tattaunawa. A bar layi uku ko huɗu masu faɗi na amsa, kuma girman haruffa a ma'aunin kwamfuta kada ya gaza 12, ko 14 idan akwai dattawa.

Kafin bugu a ninke fararen takardu huɗu a rubuta wa shafukansu lamba. Idan an ware su, duk shafi biyu da suke fuska ɗaya jimillar lambobinsu 17 ce, kamar 16 da 1, ko 2 da 15, kuma inda lissafin ya saɓa, jerin shafukan ya rikice.