Jerin Masu Magana a Taro

Jerin masu magana shi ne tsarin da ake bi wajen ba mahalarta taro damar yin jawabi ɗaya bayan ɗaya. Shugaban taro ne ke da alhakinsa, mai gabatarwa kuma shi ke kiran sunaye.

A tarukan Kaduna, irin laccocin da ake yi a Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna Ahmadu Bello, an saba buɗewa da addu'a, sai jawabin maraba, sannan a hau daga ƙarami zuwa babba. Idan taron ya haɗa Musulmi da Kirista, akan ba ɓangare ɗaya addu'ar buɗewa, ɗayan ya rufe. Babban baƙo shi ke magana a ƙarshe, bayansa sai godiya kawai.

Mutane sukan ɗauka girmamawa ce kaɗai ta sa haka, amma akwai wani dalili. Idan babba ya riga ya faɗi ra'ayinsa, da wuya na ƙasa ya tashi ya saɓa masa a bainar jama'a. Alamar ba ta ɓuya: kowa ya karɓi makirufo sai ya fara da "kamar yadda mai girma ya faɗa", har a tashi ba a ji sabon abu ba. Ban da haka, jama'a sukan zauna jiran babban baƙo, da zarar ya gama sai kujeru su fara zama wayam.

Inda masu jawabin tsara ne, girma ba ya raba gardama. A nan sai a bi zaren maganar, wanda zai bayyana matsala ya riga mai kawo mafita, ko kuma a yi ƙuri'a a gabansu. A zagaye na biyu akan juya jerin, na ƙarshe ya koma na farko.

Sai dai jeri ba ya yin adalci in ba a tsare lokaci ba. A ɗauki zama na minti 90 da masu jawabi huɗu, wanda ake so a kammala kafin azahar. Buɗewa ta ci minti 10, kowane mai jawabi ya samu 10, sannan 3 a zagaye na biyu, jimla 62. Saura 25 na tambayoyi da 3 na rufewa. To idan aka ƙyale na farko ya ƙara minti 5, sauran ma za su ga haƙƙinsu ne, sai tambayoyi su koma minti 5. In kuwa shugaba ya farga a makare, na huɗu ake yanke wa magana. Shi ya sa ake sanar da mintocin tun a takardar gayyata, a kuma zaunar da mai duba agogo a sahun gaba, ya ɗaga takarda idan saura minti 2.