Tarar makara da kuɗin ruwa: yaushe ne suka wuce gona da iri?

A yarjejeniyar ciniki ko ta bashi, sharaɗin da ya fi cin mutane yakan zauna ne can kusa da ƙarshe, inda ido ya riga ya gaji. Layi biyu ne ko uku kan abin da zai faru idan biya ya makara. Mai sa hannu yakan ƙetare shi, don a ransa ba zai makara ba. Ni kuwa nan nake fara karantawa, da biro da kalkuleta a hannu, domin ba a gane nauyin irin wannan sharaɗi sai an mayar da shi lamba.

Mu ɗauka ka sayi kaya na 600,000, za ka biya a kashi uku, 200,000 kowane kashi. Ka biya biyu a kan lokaci, na ƙarshe ya makara. Takardar ta ce: "Idan biya ya wuce kwana 7, mai saye zai biya tarar kashi 5 cikin 100 na kuɗin yarjejeniya, da kuɗin ruwa kashi 3 cikin 100 a kowane wata ko wani ɓangare na wata, a kan duk abin da ake bin sa."

Kalmomi kaɗan ne ke ɗauke da nauyin. "Kuɗin yarjejeniya" yana nufin 600,000 ɗin gaba ɗaya, har da 400,000 da ka riga ka biya, don haka tarar 30,000 ce. Da a kan kashin da ya makara aka ɗora ta, da 10,000 ce. "Duk abin da ake bin sa" kuma ya haɗiye tarar kanta, wato ruwan zai hau kan 230,000, kuma ruwan wannan wata zai haifi nasa ruwan a wata mai zuwa. Sai "wani ɓangare na wata", wanda ya mayar da kwana ɗaya wata guda cur. Ka makara kwana 8 kacal, ƙarin ya zama 36,900. Ka kai wata uku, bashin ya koma kusan 251,300, wato ƙarin sama da 51,000 a kan 200,000. Da an rubuta sharaɗin da sassauci, tara a kan kashin da ya makara, ruwa a kan uwar kuɗi kaɗai, ƙarin wata ukun 28,000 ne. Kashi 5 da kashi 3 ɗin ba su canja ba, abin da aka ɗora su a kai ne ya canja.

A kula kuma, kashi 3 a wata kashi 36 ne a shekara, idan kuma ruwa yana hawa kan ruwa ya haura 42. Duk inda ka ga ruwan wata ko na mako, ka mayar da shi na shekara kafin ka ce da sauƙi.

To wannan ƙarin, doka za ta tilasta biyansa? A ƙasashen da suka gaji tsarin shari'ar Ingila, ƙa'idar ta daɗe: an yarda mutane biyu su tsayar da diyya tun kafin a saɓa alkawari, amma kotu ba ta zama bulalar da wani zai hori abokin cinikinsa da ita ba. Shari'ar da aka fi kafa hujja da ita ita ce ta kamfanin tayoyi na Dunlop, wadda aka yanke a 1914. A nan aka nuna cewa sunan da takarda ta raɗa wa kuɗin, tara ne ko diyya, ba shi ke yanke hukunci ba. Abin dubawa shi ne ko kuɗin ya zarce mafi girman asarar da za a iya hasashe a ranar da aka ƙulla yarjejeniyar, zarcewar da hankali ba zai ɗauka ba. An kuma ce abin zargi ne a ɗora kuɗi iri ɗaya a kan ƙaramin laifi da babba.

Auna misalinmu da wannan. Me mai kayan ya rasa? Kuɗinsa sun kwana a hannun wani. Idan shi ma rance zai ci don cike giɓin, a ce a kan kashi 2 a wata, wata uku ya ci masa kusan 12,000, sai ɗan abin da ya kashe wajen bibiya da tunatarwa. Ruwan kashi 3 bai yi nisa da wannan ba, kuma yana tafiya ne da tsawon makarar, don haka da wuya a kayar da shi. A 1996 wata kotun Ingila, a shari'ar Lordsvale da Babban Bankin Zambiya, ta amince da ƙarin ruwa na kashi 1 a shekara da ya fara aiki daga ranar da aka kasa biya zuwa gaba, bisa dalilin cewa wanda ya riga ya saɓa ya fi haɗari a bi shi bashi. Inda sharaɗin ya yi rauni shi ne tarar 30,000. An lissafa ta da kuɗin da aka riga aka biya, kuma wanda ya makara kwana 8 da wanda ya makara shekara guda kuɗi ɗaya za su biya. Ga ta kuma a kan ruwan da ya riga ya rufe asarar. A ganina nan ne mai ƙorafi zai tsaya.

Sai dai kada a ɗauka duk tarar da ta fi asara ta faɗi. A 2015 Kotun Ƙolin Birtaniya ta faɗaɗa ma'aunin a shari'ar ParkingEye da Beavis. Beavis ya ajiye mota a filin da ake ba da awa biyu kyauta, ya ƙara kusan awa guda, aka ci shi fam 85. ParkingEye, kamfanin da ke kula da filin, bai yi wata asarar a zo a gani ba, amma kotu ta ce yana da halattaccen muradi na ganin motoci suna fita wasu suna shiga, kuma kuɗin bai yi wa wannan muradi yawan da ya fita hankali ba. Amma a bashin kuɗi zalla, muradin mai bi bai cika wuce a biya shi kuɗinsa a kan lokaci ba, shi ya sa kwatanta ƙarin da tsadar rance yake da ƙarfi har yanzu.

Sakamakon ma ya bambanta. A tsarin Ingila, idan kotu ta ce horo ne, ba a tilasta sharaɗin, sai mai bin bashi ya koma ya tabbatar da ainihin asararsa. A Faransa sashe na 1231-5 na kundin dokar farar hula ya ba alƙali ikon rage tarar da ta yi yawa ƙarara, har ma ya ƙara wadda ta yi kaɗan ainun. Wasu ƙasashe kuma suna da iyakar kuɗin ruwa ko dokar kare mai saye da ke gaba da duk abin da aka sa wa hannu, don haka a duba wace ƙasa ce yarjejeniyar ta ce dokarta za a bi.

Akwai wani layi da ya kamata a nema kafin a rufe takardar, wanda ke faɗin inda kuɗin da ka biya za su fara shiga. Idan ya ce tara da farko, sai ruwa, sannan uwar kuɗi, to ranar da ka kai 200,000 ɗinka bayan wata uku, 51,300 za su tafi ga tara da ruwa, a rubuta cewa har yanzu ana bin ka 51,300 na uwar kuɗi, ruwa kuma ya ci gaba da hawa a kansu. Idan kana ja da tarar, ka biya abin da ba a jayayya a kansa, ka rubuta cewa na uwar kuɗi ne, ka nemi a ba ka lissafin ƙarin dalla-dalla a rubuce. Ko da sharaɗin ya ba su ikon karkatar da kuɗin, takardarka za ta nuna ranar da ka biya da abin da ka ƙi amincewa da shi.